Sabis lafiya lau, amma burauza na jan ƙafa: wa ke da laifi?

Mai Shago a Kabuga: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da shagon cike fom da buga takardu a nan Kabuga, ɗalibai ne yawancin kwastomomina. Kwanan nan laftof ɗin da nake aiki da ita ta ishe ni. In na buɗe shafi a Chrome sai ya yi ta juyawa, in ma ya fito sai in danna akwatin rubuta suna ya ƙi amsawa, sai can daga baya haruffan su zubo gaba ɗaya. Mutum yana zaune gabana yana kallon agogo. Har na yi niyyar sauya layin da ke cikin mayfay ɗin, sai yaron shagona ya buɗe shafin nan dai a wayarsa, a kan mayfay ɗin nan dai, kafin in ƙifta ido ya buɗe. To ina matsalar take?

Ɗan Farm Centre: Wa alaikumus salam Oga. Kash ne ya cika, wato ajiyar da burauza ke yi. Danna Ctrl+Shift+Delete ka share komai da komai, ka kashe ta ka kunna. Kullum muna yi wa mutane a kasuwa, nan take take sakin jiki.

Injiniya: Malam Mai Shago, don Allah dakata kafin ka share komai. A wannan allon da ya ce ka buɗe akwai akwatin Cookies and other site data, in ka bar shi da alama za a fitar da kai daga yawancin shafukan da ka shiga, kuma kai da ke aikin mutane ba ka son wannan da tsakar rana. Yaronka ya riga ya yi maka rabin bincike. Tunda waya ta buɗe shafin a kan mayfay ɗaya, layin ba shi da laifi. Don mu rufe wannan ƙofa gaba ɗaya, buɗe fast.com a kan laftof ɗin kanta ka gaya mini abin da ya nuna. Sannan ka gaya mini ram ɗinta nawa ne, kuma tab nawa ke buɗe a yanzu. Kada ka rufe ko ɗaya tukuna, ina son mu ga abin yadda yake.

Mai Shago a Kabuga: Ya nuna 18 Mbps. Laftof ɗin ta hannu ce, a Beirut Road na saye ta, ram 4GB, Windows 10. Tab kuwa na ƙirga 31. Kada ku yi mini dariya, kowane kwastoma da nasa shafin, wasu sun ce za su dawo da yamma su ƙarasa.

Injiniya: Babu dariya, haka aikin shago yake. 18 Mbps ya ishi kallon bidiyo mai kyau, balle fom. Yanzu danna Ctrl+Shift+Esc, Task Manager na Windows zai fito, ka shiga Performance. Duba Memory da Disk. A ƙarƙashin Disk galibi yana rubuta HDD ko SSD, wato dis mai faifai ko mara faifai da ya fi sauri, wannan ma ina so in sani.

Mai Shago a Kabuga: Memory ya nuna 3.6/3.9 GB, kashi 92. Disk kuma yana maƙale a 100%, yana ɗan sauka ya sake hawa. An rubuta HDD.

Injiniya: To ga ɓarawo na farko. Ka ɗauki ram kamar kantar mai atamfa a Kwari, had dis kuma sito ne a bayan layi. Abin da ke kan kanta hannu kawai za a miƙa. In kanta ta cika, duk turmin da mai saye ya nema sai an kwashe wani an kai sito sannan a ɗauko wanda ake so. Abin da Windows ke yi maka ke nan. Ita kanta tana cinye kusan rabin 4GB ɗin nan kafin ka buɗe komai. Saura kuma Chrome yake rabawa, kuma shi ba ya tara shafuka a wuri ɗaya, yawanci kowane gidan yanar gizo da nasa aikin daban yake buɗe masa don tsaro da kuma kada ɗaya ya faɗi ya ja sauran. Wannan tsari yana da kyau, amma yana cin wuri. Da wuri ya ƙare sai Windows ta fara kwashe abin da ke ram tana ajiyewa a wani fayil da ke kan had dis mai suna pagefile.sys. Had dis ɗinka kuwa irin mai faifai ne da ke juyawa, allura ce ke yawo tana neman abu, saurinsa bai kama ƙafar na ram ba ko kusa. Shi ya sa ka ga Disk a 100%. Shafin ya riga ya iso daga intanet tuntuni, kwamfutar ce take neman inda za ta shimfiɗa shi.

Akwai alamar da ke bambance wannan da rashin sabis. In sabis ne, komawa kan tab ɗin da ya riga ya buɗe ba ya ɗaukar lokaci, kuma Word da linzamin kwamfuta suna tafiya lafiya. In ram ne, ko tsohon tab ka koma sai ya yi fari na ɗan lokaci, kuma komai na kwamfutar yana yin nauyi tare.

Mai Shago a Kabuga: Wallahi haka ne. Ko Word na koma sai ta yi tunani. Kuma in na kasa kunne ina jin wani ƙas-ƙas daga ƙarƙashin laftof ɗin.

Hajiya Mai Atamfa: Injiniya ka taɓo mu 'yan Kwari, to bari in shigo. Ni ma wayata haka take. In zan tura wa kwastoma hoton kaya a WhatsApp sai ya yi ta juyawa, musamman da azahar in kasuwa ta cika. Ƙanena ya karɓa ya ce zai share kash, ya dawo mini da ita sai ga shi duk inda nake shiga ana tambayata lambar sirri, wasu ma na manta su. Kuma hoton bai fasa juyawa ba.

Injiniya: Ranki ya daɗe, naki daban ne. Tura hoto a WhatsApp na waya bai bi ta burauza ba sam, kuma tunda kin ce sai kasuwa ta cika abin yake tsananta, wannan ya fi kama da cunkoson mutane a kan turken sabis ɗaya. Gwada turawa da sassafe ko bayan kin koma gida ki ga bambanci. Ƙanenki kuma da alama ba kash kaɗai ya share ba, ya haɗa da bayanan shiga. A waya maɓallan biyu kusa da juna suke, Clear cache da ɗan'uwansa da ke goge duk bayanan manhaja, wasu wayoyin suna rubuta Clear data wasu Clear storage.

Hajiya Mai Atamfa: Allah ya shirya mini shi. Na gode ɗana, ku ci gaba, ina karantawa.

Ɗalibar Kwamfuta: Malam Mai Shago, ba sai ka yi ta cankar tab ɗin da za ka rufe ba. Chrome yana da nasa Task Manager daban da na Windows. Kana cikin burauzar ka danna Shift+Esc. Ka danna kan Memory footprint zai jera su daga babba zuwa ƙarami, kowane tab da sunansa, ekstenshan kuma, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa burauza, za ka ga an fara sunansu da Extension.

Mai Shago a Kabuga: Ikon Allah, ban taɓa sanin wannan wurin ba. Na sama WhatsApp ne, 412,300K. YouTube yana bi masa da 380,000K da ɗoriya, yaron ne ya bar karatu a buɗe tun safe. Facebook tab biyu, sai Gmail. Shafukan fom ɗin ba su da nauyi sosai, yawancinsu ƙasa da 100,000K.

Ɗalibar Kwamfuta: K ɗin kilobayit ne, ka yanke lambobi uku na ƙarshe ka samu kimanin megabayit. Wato WhatsApp kusan 400MB, YouTube kusan haka. Ka ga ba yawan tab ɗin ne kaɗai ba, huɗu ko biyar ne suka danne sauran. Shafin fom da ke zaune shiru bai kai shafi ɗaya mai bidiyo da saƙonni masu shigowa kowane lokaci ba. Rufe YouTube da Facebook ka bar na kwastomominka. Waɗanda suka ce sai yamma kuma, danna Ctrl+Shift+D zai adana duk tab ɗin da ke buɗe a jaka ɗaya ta bukmak, sai ka rufe su.

Injiniya: Daidai ne, sai dai a ƙara masa gargaɗi ɗaya: bukmak adireshin shafi kawai yake riƙewa, ba ya riƙe abin da aka rubuta a fom. Wanda aka cike rabi ba a danna Save ba, in ka rufe ya tafi.

Mai Shago a Kabuga: Na bi a hankali. Yanzu saura tab 9. Memory ya sauko kashi 71, Disk ya kwanta, ƙas-ƙas ɗin ya daina. Komawa tsakanin shafuka ya zama nan take, Word ma ta warware. Amma fa ba a gama ba. In na buɗe sabon shafi yana fitowa da wuri, ina ganin komai, sai dai in na danna ba ya amsawa sai bayan daƙiƙa biyar ko shida. Kowane shafi haka, har Google.

Ɗan Farm Centre: Ai na faɗa tun farko. Kash ne. An yi ta zagaye-zagaye, ga shi an dawo inda na ce.

Injiniya: Ɗan'uwa, bari mu yi maganar kash ɗin nan sosai, don kullum shi ake fara kamawa. Kash ajiya ce da burauza ke yi na hotuna da tambari da fayilolin da ke tsara shafi, don in ka dawo gobe kada ya sake sauko da su. Saurin buɗewa yake ƙarawa, data kuma yake rage maka. Ba ya cika har ya toshe, domin Chrome da kansa yake sa masa iyaka, in an kai iyakar sai ya zubar da tsofaffi ya sa sababbi. Wanda yake son gani da idonsa ya danna F12, ya shiga Network, ya sake buɗe shafin da ya saba shiga, ya duba layin Size. Zai ga wasu an rubuta disk cache ko memory cache, waɗannan ko kilobayit ɗaya ba su ci daga datarsa ba. In ka share, duk sai an sake sayo su da kuɗinka, kuma buɗewar farko za ta fi ta da nauyi.

Ban ce ba ya taɓa yin laifi ba. Yana yi a hali biyu da na sani. Na ɗaya, in masu shafi sun sauya tsarinsa amma burauzarka ta riƙe tsohon fayil, sai ka ga shafin ya fito a karkace ko wani maɓalli ya ƙi aiki. Wannan shafi ɗaya yake kamawa, kuma maganinsa Ctrl+Shift+R a kan shafin kawai. Na biyu, in had dis ɗin gaba ɗaya ya kusa cika, ka ga layin Local Disk ya koma ja. Nan duk abin da ka rage zai taimaka, har da kash. Amma a ce kowane shafi, har Google, yana fitowa sannan ya sandare, wannan ba halin kash ba ne.

Ɗan Farm Centre: Injiniya ina girmama iliminka, amma ni abin da hannuna ya yi nake faɗa. Mutum ya kawo waya tana nauyi, na share, ta sake. Ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Ko idona ne yake yaudarata?

Injiniya: Idonka lafiya. Wayoyin da ake kawo muku da yawa masu 32GB ne da bidiyon WhatsApp ya cinye, ka ga hali na biyu ke nan. Sannan kai da bakinka ka ce bayan sharewa kana kashewa ka kunna. Kashewa da kunnawar nan tana sauke duk abin da ya taru a ram. Ta yiwu ita ta yi aikin, kash ya karɓi yabo.

Ɗan Farm Centre: Ta yiwu ka ce. Ni dai ban yarda duka ba, akwai waɗanda ko kashewa ban yi ba suka gyaru.

Ɗalibar Kwamfuta: Ku bar Malam ya gwada Ctrl+Shift+N mana. A Incognito ekstenshan ba sa aiki sai wanda aka ba izini da hannu. In shafi ya amsa nan take a can, shi ke nan an san ekstenshan ne.

Mai Shago a Kabuga: Na gwada. A baƙin allon nan komai garau, ina dannawa yana amsawa.

Injiniya: Madalla, amma ƙanwata kin ɗan yi sauri da kika ce shi ke nan. Incognito abu uku yake ajiyewa gefe lokaci guda: ekstenshan, tsohon kash, da kukis. In Ɗan Farm Centre ya ce wannan ma hujjarsa ce, ba za mu iya ƙaryata shi da wannan gwajin kaɗai ba. A raba gardama. Malam, koma burauzar da ka saba, kada ka share komai, ka rubuta wannan a wurin adireshi:

```
chrome://extensions
```

Nawa ka gani, kuma su waye?

Mai Shago a Kabuga: Takwas. Na san uku: mai toshe talla, mai fassara, da mai duba kuskuren Turanci da wani ɗalibi ya sa mini. Akwai na VPN kyauta amma a kashe yake. Akwai mai sauko da bidiyo, na san aikin yarona ne. Akwai wani mai juya takarda zuwa PDF, da wani na neman rangwamen kaya, da wani mai sauya hoton sabon tab. Waɗannan ukun ban san lokacin da suka shigo ba. Amma Injiniya, ɗazu a Shift+Esc na duba layukan Extension, babu wanda ya wuce 60,000K. Ta ina ƙaramin abu haka zai riƙe shafi?

Injiniya: Tambaya mai kyau, kuma nan mutane da yawa suke wanke mai laifi. Layin da ka gani na jikin ekstenshan ɗin ne kawai. Da yawansu suna cusa wani ɓangare nasu cikin kowane shafin da ka buɗe, kuma nauyin wannan ɓangaren a kan sunan shafin ake rubuta shi, ba a kan sunansu ba. Shafi kuwa yana da layin aiki guda ɗaya da yake bi wajen tsara kansa da kuma amsa dannawarka. In abin da aka cusa ya tsaya yana bin shafin kalma-kalma yana neman inda zai liƙa maɓallinsa ko tallarsa, dannawarka sai ta jira a bayansa. Abin da ka kwatanta ke nan, ido yana gani hannu ba ya samun amsa.

Kada ka bi su ɗaya-ɗaya. Na VPN a kashe yake, saura bakwai. Kashe huɗu da ɗan maɓallin da ke ƙasan kowanne, ka buɗe sabon tab ka gwada. Sabo fa, domin tsohon tab yana nan da abin da aka riga aka cusa masa har sai an sabunta shi. In ya gyaru, mai laifin yana cikin huɗun da ka kashe, in bai gyaru ba yana cikin ukun da suka rage. Sai ka sake raba rukunin gida biyu. Zagaye uku ya isa, in dai guda ɗaya ne.

Mai Shago a Kabuga: An kama shi. Na PDF ɗin ne. Da na kashe shi shafi yana amsawa nan take, da na mayar da shi sandarewar ta dawo, sauran duk a kunne. Na shiga Details nasa, a wajen Site access an zaɓi On all sites, kuma a Permissions an rubuta yana iya karantawa da sauya duk bayanaina a duk shafuka.

Injiniya: Danna Remove, kada ka tsaya a kashewa. Ba ka ma buƙatarsa, Ctrl+P ka zaɓi Save as PDF yana yi maka aikin. Wannan izinin shi kaɗai ba shaidar mugunta ba ne, mai toshe talla ma sai da shi yake aiki. Amma abin da ba ka san wanda ya sa shi ba, a kan kwamfutar da ake shigar da lambar NIN da katin banki na 'ya'yan mutane, bai kamata ya kwana ba. Na rangwame da mai sauya hoton tab su bi shi. Mai fassara da mai sauko da bidiyo ka mayar da Site access nasu On click, sai ka danna su sannan su taɓa shafi. In da ni ne, zan sauya lambobin sirrin imel ɗin shago ma.

Ɗan Farm Centre: To na ji, wannan karon ba kash ba ne. Amma Oga, gaskiya 4GB ta yi kaɗan ga mai shago. Ka kawo ta a ƙara mata ram zuwa 8GB a sa SSD, ka huta da ƙirga tab.

Injiniya: A nan kam muna tare. Sai dai ya fara dubawa a Task Manager ƙarƙashin Memory, akwai Slots used. In ya ga 1 of 2 akwai gurbi, amma a buɗe bayanta a tabbatar kafin a biya kuɗi, don wani lokaci abin da ya rubuta ba ya dacewa da abin da ke ciki.

Ɗalibar Kwamfuta: Kafin ya samu kuɗin, ya kunna Memory Saver mana, yana nan:

```
chrome://settings/performance
```

Yana sauke tab ɗin da aka daɗe ba a taɓa ba daga ram, sunansa yana nan a sama, in ka koma sai ya sake buɗe shi.

Mai Shago a Kabuga: Sake buɗewar nan ce take ba ni tsoro. In ɗalibi ya cike rabin fom ya tafi ɗauko hoton fasfo, na dawo na tarar shafin ya koma fari fa?

Injiniya: An tsara shi ya ƙyale tab mai fom da aka fara cikewa, da mai sauti, da wanda ke sauko da fayil. Ni dai ba na sakin jiki da hakan a kan shafukan rajista, don ba duka aka gina su iri ɗaya ba. A wannan allon akwai Always keep these sites active, ka sa adireshin shafukan da kake aiki da su a ciki. Kuma ka sani duk tab ɗin da ya sake buɗewa yana ɗan taɓa data.

Ɗalibar Kwamfuta: Ni ina amfani da shi tun bara, bai taɓa zubar mini da fom ba.

Injiniya: Ke fom ɗinki kike cikewa, shi na mutum goma yake riƙe da shi lokaci guda. Kuma wasu shafukan su da kansu suke fitar da mutum in ya daɗe bai motsa ba, ko da Memory Saver ko babu, sai a ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba.

Mai Shago a Kabuga: Na duba, Slots used 1 of 2 ne. Ɗan Farm Centre, in kuɗin ɗaya kawai nake da shi a wannan watan, ram zan fara sa ko SSD?

Ɗan Farm Centre: SSD. Tun daga kunnawa za ka ji kamar sabuwa ka saya.

Injiniya: Ni ram zan ce, tunda ciwonsa cikar wuri ne, in wuri ya wadata ba za a riƙa komawa had dis ɗin ba balle jinkirinsa ya dame shi. Amma a tambayi farashin kowanne tukuna, kuma ka turo mana lambar samfurin laftof ɗin da ke rubuce a bayanta mu ga DDR3 take ɗauka ko DDR4.